Mayar da kayan da aka saya ta intanet a Birtaniya: wa zai biya kuɗin takardar mayarwa, kuma yaya ake samun shaidar cewa an aika?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ɗalibai da ma'aikata 'yan uwanmu da ke zaune a Birtaniya, da kuma mutanen gida masu aiken a saya musu kaya a can. Amsoshin sun dogara ne da dokokin Birtaniya da yadda gidan waya da kamfanonin aika kaya na ƙasar suke aiki. Wanda ke wata ƙasa kada ya ɗauki wa'adin kwanakin da ke nan a matsayin nasa.

1. Mece ce takardar mayarwa, kuma me ya sa ake ta magana a kanta?

Ita ce takardar da ake mannawa a jikin ƙunshin kayan da za a mayar wa mai sayarwa. A shafukan sayayya za ka ga an rubuta "Return label". Tana ɗauke da adireshin inda kayan za su koma, da lambar zane-zane da na'ura ke karantawa, da lambar bin sawu wadda ake duba inda ƙunshin ya kai da ita. Wani lokaci a aiko maka ita ta imel ka buga a firinta, wani lokaci kuma lambar QR kawai za a turo maka a waya, ka nuna a gidan waya ko a shagon da ke karɓar saƙo, su buga su manna.

Abin da ya sa ake jayayya a kanta shi ne, ita ce kuɗin motar kayan. Dole wani ya biya ta, ko kai ko mai sayarwa. Kuma wanda ya saye ta shi ne ya ƙulla ciniki da kamfanin da zai ɗauki kayan, wanda hakan ke da tasiri sosai in ƙunshin ya ɓata a hanya, kamar yadda za a gani a tambaya ta 10.

2. To a taƙaice, wa ke biya?

Dalilin mayarwar shi ne ke yanke hukunci. In kayan sun zo a lalace, ko ba su aiki, ko ba su ne aka kwatanta a shafin ba, ko an aiko maka wani abu dabam, mai sayarwa ne zai ɗauki kuɗin mayarwa. In kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, kai ne ka canza shawara, ko takalmin ya matse ka, ko launin bai kwanta maka ba, to kuɗin mayarwa a kanka yake, sai fa in mai sayarwa ya yi alkawarin mayarwa kyauta, ko kuma bai sanar da kai tun kafin ciniki cewa kai za ka biya ba.

Dokoki biyu ne ke riƙe da wannan magana. Ta kayan da ke da aibi ita ce Consumer Rights Act 2015, ta canza shawara kuma ita ce Consumer Contracts Regulations 2013. Yana da kyau ka riƙe sunayen nan yadda suke, domin in ta kai ga rubuta wa kamfani ƙorafi, ambaton sunan dokar yakan sa wanda ke karantawa ya miƙa maganar ga na sama da shi maimakon ya turo maka amsar da aka saba turawa kowa.

3. Na canza shawara ne kawai. Ina da ikon mayarwa? Nawa za a dawo min da shi?

Kana da iko, muddin daga wurin ɗan kasuwa ko kamfani ka saya ta intanet ko ta waya. Doka ta ba ka kwana 14, ana fara ƙirgawa daga washegarin ranar da kayan suka zo hannunka, ka sanar da mai sayarwa cewa ka fasa. Ba sai ka ba da dalili ba. Daga ranar da ka sanar kuma kana da wasu kwana 14 ka aika kayan. Mutane da yawa suna haɗa wa'adin biyu su ɗauka ɗaya ne, sai su yi ta gaggawa ba dalili. Wasu kuma su aika kayan shiru ba tare da sun rubuta cewa sun fasa ba, daga baya a yi ta musun ranar. Ka rubuta ta imel ko ta cikin shafin, ko da layi biyu ne, domin ranar ta zauna a rubuce.

Abin da za a dawo maka da shi ya haɗa da kuɗin kayan da kuma kuɗin kawowa na farko, amma iya na hanya mafi araha da kamfanin ke da ita. A ɗauka ka sayi rigar sanyi a kan fam 60. Kawowa ta yau da kullum fam 4 ce, amma kai ka zaɓi ta gaggawa ka biya fam 8. Riga ta zo, ka gwada, ta yi maka yawa. Sharuɗɗan shagon sun ce mai saye ne ke biyan kuɗin mayarwa, ka kai gidan waya ka biya fam 4. Abin da za a dawo maka da shi fam 64 ne: kuɗin riga da kuɗin kawowa ta yau da kullum. Ƙarin fam 4 na gaggawa ya tafi, haka ma fam 4 na mayarwa. Da a ce zif ɗin rigar ne ya zo a karye, da lissafin ya canza, a duba tambaya ta 4.

Akwai kayan da wannan iko bai shafe su ba: abin da aka ɗinka ko aka rubuta sunanka a kai, abincin da ke saurin lalacewa, da kayan da aka liƙe saboda tsabta in ka riga ka buɗe su. Sannan in ka yi amfani da kayan fiye da irin dubawar da za ka yi a cikin shago, mai sayarwa na iya rage wani abu daga kuɗin. Gwada riga a ɗaki ba laifi ba ne. Zuwa biki da ita kuwa, har turare ya kama ta, wata magana ce dabam.

4. Kayan sun zo da matsala, amma mai sayarwa ya ce ni zan biya kuɗin mayarwa. Haka ne?

Ba haka ba ne. A cikin kwana 30 na farko kana da ikon ƙin karɓar kayan da ke da aibi a dawo maka da kuɗinka gaba ɗaya, kuma doka ta ɗora wa ɗan kasuwa kuɗin mayarwa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Bayan kwana 30, yana da damar ya gyara ko ya canza maka, kuma kuɗin aikawa don gyaran ma a kansa yake. Abin da ya rubuta a shafinsa ba ya soke wannan. Ko ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa mai saye ne ke biyan kowace mayarwa, wannan sharaɗi bai hau kan kayan da suka zo a lalace ba.

Kafin ka taɓa aljihunka, ka ɗauki hoton aibin, ka tura masa, ka nemi ya aiko da takardar mayarwa da ya riga ya biya. In ya ce ka biya zai mayar maka daga baya, ka sa ya rubuta haka, ya kuma amince da hanyar da za ka aika da adadin kuɗin. Nan ne maganar "gwargwadon hankali" take shigowa. In ka ɗauki butar shayi ta fam 15 ka aika ta hanyar da ta fi kowace tsada ba tare da ka tambaya ba, yana da hujjar ya ce ba zai biya duka ba.

5. An ce mayarwa kyauta ce, sai na ga an cire wani abu daga kuɗina. Me ya faru?

Samun takarda ba tare da ka ciro kati ba ba ya nufin kyauta ce. Shaguna da yawa suna ba ka takardar nan take, sannan su cire kuɗinta daga abin da za su dawo maka da shi. Tun wajen 2022 manyan shagunan tufafi suka fara haka. Zara ta fara cire fam 1.95 a Birtaniya a waccan shekara ga kayan da aka mayar ta wurin masu karɓar saƙo, amma wanda ya kai da kansa shagonta ba ya biya. Wasu shagunan sun bi sahu. Doka ta yarda da wannan in canza shawara ne kuma an sanar da kai tun farko.

Inda ake cutar mutane shi ne a cire wannan kuɗi alhali kayan ne ke da aibi. Sau da yawa ba mugunta ba ce, na'ura ce ke cirewa bisa dalilin da ka zaɓa, wanda ya kai mu ga tambaya ta gaba. In hakan ta faru, ka rubuta musu da hoton aibin ka nemi a dawo da abin da aka cire.

6. Shin dalilin da na zaɓa a shafin yana da wani tasiri?

Yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A eBay, alal misali, in ka danna "Return this item" za a jero maka dalilai. Irin su "Changed my mind" da "Doesn't fit" suna ɗora kuɗin mayarwa a kanka, sai in mai kayan ya yi tayin mayarwa kyauta. Irin su "Arrived damaged" da "Wrong item sent" suna ɗora shi a kan mai sayarwa. Wanda ya karɓi waya da fasasshen gilashi, ya yi sauri ya danna dalilin farko da idonsa ya gani, ya jawo wa kansa biyan kuɗin da ba nasa ba, kuma gyara wannan bayan an buɗe maganar yana da wuya.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su zaɓi cewa kayan sun lalace alhali lafiya lau suke, don kawai su tsira da kuɗin mayarwa. Wannan cin haƙƙi ne. Da yawa daga masu sayarwa a eBay ƙananan 'yan kasuwa ne da ribarsu a kan abu ɗaya ba ta kai kuɗin takardar ba. Kuma suna da damar kai rahoton mai saye, wanda in ya yawaita ana iya hana shi kariyar da shafin ke bayarwa.

7. Daga wurin mutum na saya, ba kamfani ba. Dokar ɗaya ce?

A'a. Ikon fasawa na kwana 14 da na kwana 30 duk tsakanin ɗan kasuwa da mai saye suke. In wani ne kawai ya sayar maka da tsohuwar kwamfutarsa, ba ka da ikon mayarwa don ka canza shawara. Abin da doka ta ɗora masa shi ne kayan su dace da yadda ya kwatanta su.

A nan ƙa'idar shafin da aka yi cinikin ita ce ke taimaka maka. Tsarin eBay Money Back Guarantee ya shafi har masu sayarwa na ɗaiɗaiku, ko da sun rubuta ba sa karɓar mayarwa: in kayan ba su dace da kwatancin ba, kana da kwana 30 daga ranar da suka iso ka buɗe buƙatar mayarwa, mai kayan kuma yana da kwanakin aiki 3 ya amsa. In ya yi shiru, sai ka nemi eBay su shiga tsakani. A shafin sayayya na Vinted wa'adin gajere ne ƙwarai, kwana 2 bayan isowar kaya, don haka ranar da ƙunshi ya zo ranar za a buɗe shi. Wanda kuma ya biya ta PayPal ya shigar da ƙorafi can, ya sani cewa ko ya yi nasara, yawanci shi za a ce ya mayar da kayan da kuɗinsa, ya kuma kawo lambar bin sawu.

8. Wace shaida ce ake karɓa cewa na aika?

Shaidar da ke aiki ita ce wadda ta fito daga hannun wanda ya karɓi ƙunshin. Hoton kwali a kan teburinka ba ya nuna ya bar gidan. Takardar mayarwa da aka aiko maka ita ma ba shaida ba ce, tana nuna an ƙirƙiri lamba ne kawai. Har sai an haska lambar da na'ura a kanta ko a shago sannan ƙunshin yake shiga lissafin kamfanin. In ka duba lambar bin sawu ka ga tana cewa ana jiran ƙunshin, to a wurinsu ba ka aika komai ba tukuna.

A gidan waya, abin da za ka nema sunansa "proof of postage", kuma kyauta ake bayarwa, ko da ba kai ka biya kuɗin takardar ba. Ƙaramin rasit ne mai ɗauke da rana da lokaci, da sunan reshen, da lambar ƙunshin. Kafin ka bar gaban kanta, ka haɗa lambar da ke kan rasit ɗin da wadda ke jikin takardar. Lambar Royal Mail, wato kamfanin kai wasiƙu na Birtaniya, sau da yawa baƙaƙe biyu ne a farko, sai alƙaluma tara, sai GB a ƙarshe. In ƙunshi uku ka kai, ka tabbata lamba uku ce ta fito, domin a lokacin cunkoso ma'aikaci kan haska biyu ya ɗauki na ukun ya jefa a buhu. Ka kuma roƙa a ɗora ƙunshin a sikeli don nauyin ya fito a rasit. Amfanin wannan yana tambaya ta 11.

Sannan ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take, kana tsaye a wurin. Irin takardar da zafi ke bugawa ce, ba tawada ba. In ta yi makonni a walat ko ta sha zafin mota, rubutun zai dushe har ya ɓace, kuma daidai lokacin da ake buƙatarta ke nan, tun da rigimar mayarwa ba ta tashi sai bayan an yi sati biyu ko uku ana jira. Ka tura wa kanka hoton ta imel, ka ajiye takardar har sai kuɗi sun shigo asusunka.

9. In shagon unguwa na kai, ko akwatin ajiya, ko aka zo gida aka ɗauka fa?

A shagunan da ke karɓar saƙon Evri ko DPD ko Collect+, mai shago zai haska lambar, sai na'ura ta fitar da rasit ko a turo maka saƙo ta imel. Kada ka yarda da "ajiye a can, zan haska anjima". Mai shago ba mugu ba ne, yana fama da masu sayen madara da burodi, amma in ya manta, ko direba ya kwashe ƙunshin ba a haska ba, ba ka da komai a hannu. Ka jira, ko layin ya yi tsawo. In na'urarsa ta lalace, ka ɗauki kayanka ka nemi wani shago.

A akwatunan ajiya irin na InPost babu mutum, babu rasit na takarda. Shaidarka ita ce saƙon da ke shigowa ta imel ko ta manhaja bayan ka rufe ƙofar. Ka ɗauki hoton ƙunshin a cikin akwatin kafin ka rufe, yadda takardar za ta fito sosai, sannan ka jira saƙon ya shigo kafin ka wuce. Jan akwatin wasiƙa na bakin titi kuwa ba ya ba da rasit na takarda, don haka ban ga dalilin jefa abu mai daraja a ciki ba alhali gidan waya na nan. In direba ne ya zo gida, ka sa ya haska a gabanka, ka karɓi katin shaida ko ka ga saƙon ya shigo. Kada ka bar ƙunshi a bakin ƙofa ka tafi aiki.

10. Na aika, ina da rasit, amma sun ce bai iso ba. Asarar wa ce?

Ka fara duba wanda ya sayi takardar. In mai sayarwa ne ya aiko maka ita, shi ne abokin cinikin kamfanin da ya ɗauki kayan, shi zai nemi diyya a wurinsu. Naka ya ƙare a lokacin da ka miƙa ƙunshin aka ba ka rasit. Kamfanoni kan ce "ka tuntuɓi masu ɗaukar kayan", kai kuma in ka tuntuɓe su sai su ce ba da kai suka yi ciniki ba, a yi ta wasan ƙwallo da kai. Amsar ita ce ka tura wa mai sayarwa hoton rasit ɗin, ka ce takardarsu ce, su bi kamfanin da suka zaɓa. Wannan ne ya sa nake ganin in an ba ka zaɓi tsakanin takardar shagon da za a cire fam biyu ko uku, da kuma ka nemi hanyarka, gara ka karɓi tasu ko da ta ɗan fi tsada.

Akwai wani sashe na dokar 2013 da mutane kaɗan suka sani. In ka fasa ciniki a cikin wa'adi, dole mai sayarwa ya dawo da kuɗin cikin kwana 14 daga ranar da kayan suka koma hannunsa, ko daga ranar da ka ba shi shaidar ka aika, duk wadda ta riga zuwa. Ma'ana rasit ɗin nan shi ne ke fara ƙirga kwanakin. Saboda haka kada ka ajiye shi sai rigima ta tashi. Ranar da ka aika, ranar za ka tura musu hotonsa da lambar bin sawu.

In kai ka sayi takardar da kuɗinka, kai ne ke da damar neman diyya a wurin kamfanin aikawa, kuma mai sayarwa zai yi ƙoƙarin tura ka can. A Royal Mail ana ɗaukar ƙunshin cikin gida da aka aika ta hanyar yau da kullum ya ɓata ne bayan kwanakin aiki 10 daga ranar da ya kamata ya isa, kuma ana shigar da buƙatar diyya cikin kwana 80 daga ranar aikawa. Za su nemi rasit ɗin aikawa da shaidar darajar kayan. Diyyar tana da iyaka gwargwadon hanyar da ka zaɓa, a duba tambaya ta 12.

11. Lambar ta nuna an kai, amma sun ce kwalin babu komai, ko wani abu ne dabam a ciki. Me zan yi?

Wannan ta fi ɓatan ƙunshi ciwo, domin ana zarginka ne a fakaice. Tana yawan faruwa da waya da agogo da kwamfuta. Lambar bin sawu tana nuna an kai kwali, ba ta nuna abin da ke ciki. Nan ne nauyin da ke kan rasit yake ceton mutum. In kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta da kwalinta sun nuna kilo 2 da ɗoriya a sikelin gidan waya, da wuya wani ya ce kwali fanko ka aika. In kuma kamfanin aikawa ya auna a wurinsa aka samu nauyin ya ragu, an san inda kayan suka salwanta.

Sauran kariyar ana yinta ne kafin a rufe kwali. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin na'urar, in waya ce lambar IMEI, wadda ke fitowa in ka danna `*#06#`. Ka ɗauki bidiyo guda ɗaya ba yankewa: kayan, lambarsu, sa su a kwali, liƙewa, har manna takarda, a ga lambar takardar sarai. Ka cire ko ka rufe tsohuwar takardar da kwalin ya zo da ita, domin lamba biyu a jikin kwali ɗaya na iya sa na'ura ta dawo maka da shi gida. Ka kuma saka ƙaramar takarda a ciki mai lambar odarka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa kayan oda biyu a ƙunshi ɗaya da takarda ɗaya don a rage zirga-zirga. Ma'ajiyar kamfanin za ta rubuta oda ɗaya ta dawo, ɗayar kuma ba ka da shaidar komai a kanta.

12. In ni zan biya, wace hanya zan zaɓa?

Wadda diyyarta ta kai darajar abin da ke ciki. Aikawa ta yau da kullum a Royal Mail, ta aji na ɗaya ko na biyu, diyyarta ba ta wuce fam 20 ba, kuma rasit ɗinta yana nuna an aika ne, ba ya bin ƙunshin mataki-mataki. Ga riga mai araha ya wadatar. Ga abin da ya fi haka, ka nemi hanya mai bin sawu, ka tambayi ma'aikacin iyakar diyyarta a ranar, domin adadin yana canzawa. Ga waya ko kayan ado ko agogo, Special Delivery Guaranteed ita ce hanyar da aka tanada, ana sa hannu in an karɓa, kuma ana iya ƙara kuɗi a ɗaga diyyar.

A eBay na Birtaniya, in darajar cinikin ta kai fam 450, ana buƙatar shaidar sa hannu, bin sawu kaɗai bai isa ba. Kuma in ba takardar eBay ka yi amfani da ita ba, sai ka shigar da lambar bin sawun a cikin shafin mayarwar da kanka. In ba ka shigar ba, suna iya rufe maganar a kan cewa ba ka aika ba, ko da kayan suna hanya.

13. Na saya a Birtaniya na aika gida, sai a Kano aka ga matsalar. Wa zai biya kuɗin dawowa?

Wannan tana faruwa sosai da masu haɗa kayan lefe da masu saya wa 'yan uwa waya. Mai sayarwa ya kai kayan adireshin Birtaniya, takardar da zai bayar ma daga cikin Birtaniya take aiki. Ba za ka samu ya biya kuɗin jirgi daga Kano ko Yamai ba, kuma sau da yawa kuɗin dawo da abin ta kamfanin aikawa na ƙasa da ƙasa ya kusa kuɗin abin kansa. Ga kuma wa'adi: kafin kaya su bi jirgin dakon kaya su isa, a buɗe, a gano aibin, kwana 14 sun wuce, wataƙila har 30 ɗin.

Abin yi shi ne wanda ya karɓi kayan a Birtaniya ya buɗe su tun suna hannunsa. Ya kunna wayar, ya gwada caji, ya duba girman takalmi da adadin kaya, kafin a ɗaure a kai wa masu dako. In an riga an makara, hanya mafi sauƙi ita ce a samu matafiyi ya dawo da abin, sannan a nemi gyara ko canji, tun da wannan haƙƙi bai ƙare da kwana 30 ba. A cikin wata shida na farko, doka tana ɗaukar aibin tun asali yake, sai in ɗan kasuwa ya nuna akasin haka.

14. Na yi duk wannan, sun ƙi dawo da kuɗina. Ina zan nufa?

Ka fara da rubutaccen ƙorafi ga mai sayarwa, gajere, mai ɗauke da lambar oda, ranar da ka sanar, ranar da ka aika, lambar bin sawu, hoton rasit, sunan dokar da ta dace, da ranar da kake so kuɗin su shigo. In ta eBay ko wani shafi makamancinsa ka saya, ka ɗaukaka maganar a cikin shafin kafin wa'adinsu ya cika, kuma kada ka rufe buƙatar mayarwa don mai kaya ya yi maka alkawari a gefe, domin in ka rufe ba a cika sake buɗewa ba.

In bai yi ba, sai banki. Wanda ya biya da katin bashi, kuma kuɗin abin ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sashe na 75 na Consumer Credit Act 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai sayarwa. Wanda ya biya da katin cire kuɗi na yau da kullum zai iya neman banki ya janyo kuɗin ta tsarin da suke kira "chargeback", wanda wa'adinsa yawanci kwana 120 ne. PayPal kuma na karɓar ƙorafi cikin wa'adin da ya gindaya. Kada ka buɗe biyu a lokaci guda, domin shafin kan rufe nasa da zarar ya ga banki ya shigo. Ƙungiyar Citizens Advice tana ba da shawara kyauta a kan irin wannan, kuma a Ingila da Wales akwai kotun ƙananan ƙararraki ga abin da bai wuce fam 10,000 ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai za a nemi rasit ɗin tambaya ta 8 da saƙon da ka rubuta ranar da ka fasa, don haka ka haɗa su wuri ɗaya da hotunan kayan kafin ka fara cike fom.